Tabon da Ke Cikin Fayil: Wa Ke Ajiye Tarihin Mai Laifi, Wa Ke Gani, Yaushe Ake Gogewa?

A watan Satumba na 1995, babbar kotun yanki da ke Bwari, kusa da Abuja, ta samu wani mutum mai suna James Onanefe Ibori da laifin sakaci da cin amana, a kan wasu kwanukan rufi da suka yi ɓatan dabo a wurin aikin madatsar ruwa ta Usuma. Ƙaramar shari'a ce, irin wadda ake gamawa kafin azahar, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya sake waiwayar fayil ɗin sai da zaɓen 2003 ya gabato, lokacin da wasu 'yan jam'iyyar PDP biyu suka garzaya kotu suna cewa wannan mutumin ba kowa ba ne illa gwamnan Jihar Delta mai ci, wanda sunansa ke nan harafi da harafi. Hujjarsu tana cikin sashe na 182 na kundin tsarin mulkin 1999: duk wanda kotu ta hukunta kan laifin rashin gaskiya, ba zai tsaya takarar gwamna ba sai shekara goma ta wuce.

Aka yi ta tafka shari'a. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce lalle an hukunta wani mai wannan suna, saura a tabbatar ko wane ne. Alƙalin da ya yanke hukuncin a Bwari ya shiga akwatin shaida ya ce gwamnan ne ya tsaya a gabansa. Gwamna ya ce bai taɓa taka kotun ba. Babbar kotun Abuja ta yanke cewa masu ƙara ba su tabbatar da cewa shi ne ba, kuma a 2006 Kotun Ƙoli ta amince da hakan. Shekara uku manyan alƙalan ƙasa suna fama da tambayar da kati ɗaya mai ɗauke da zanen yatsu zai amsa cikin awa guda.

Wannan shari'a ta nuna abin da rajistar masu laifi take nufi. Ba jerin sunaye ba ce kawai, domin suna ba ya kama mutum. A unguwa ɗaya ta Kano ana iya samun Sani Abdullahi biyar, uku daga cikinsu kuma an rubuta musu ranar haihuwa ɗaya ga Janairu saboda ba a san ainihin ranar ba. Abin da ake buƙata shi ne a ɗaure hukuncin kotu da jikin mutum guda, ta yadda ba za a ɗora wa wani laifin wani ba, kuma mai laifin ba zai sauya suna ya sulale ba. Shi ya sa dokar shaida ta Najeriya ta nemi abu biyu kafin a ce an tabbatar da tsohon hukunci a kan mutum: takardar shaidar hukuncin daga kotun da ta yanke shi, da kuma hujjar cewa wanda ke tsaye shi ne wanda takardar ke nufi.

A takarda, tsarin Najeriya a bayyane yake. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu (Kaduna a 2017, Kano a 2019), ta fara ne tun daga bayan kanta. Sashe na 15 ya ce idan an kama mutum, jami'in da ya kama shi zai rubuta laifin da ake zarginsa da shi, ranar kamu da yadda aka yi kamun, cikakken sunansa, sana'arsa da adireshinsa, sannan a auna tsayinsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa duka. Ana so a kammala wannan cikin awa 48. Sashe na 16 ya kafa babbar rajistar bayanan laifuka a hannun 'yan sanda, ya ce kowace rundunar jiha ta buɗe tata rajistar ta riƙa aikawa da bayanai can, kuma duk hukuncin da kotu ta yanke a shari'ar laifi ya isa babbar rajistar cikin kwana 30. Ofishin da ya daɗe yana wannan aiki yana Alagbon, a unguwar Ikoyi ta Legas, ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka na rundunar, inda aka tara katunan zanen yatsu na shekaru aru-aru.

Wato bayanin mutum ɗaya yana iya zama a wuri huɗu: littafin caji ofis, fayil ɗin kotu, rajistar gidan yari, da babbar rajistar 'yan sanda. Na ƙarshen ne kaɗai aka yi domin a bincika daga ko'ina a ƙasar, kuma ba ya sanin komai sai abin da sauran ukun suka aiko masa. A nan gizo ke saƙa. Kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci da na yanki, waɗanda ke yanke mafi yawan hukuncin yau da kullum, da yawansu har yanzu da biro alƙali ke rubuta bayanin zama a cikin babban littafi. Idan ba a ɗauki yatsun wanda aka hukunta ba, ko an ɗauka amma katin ya kwanta a durowar wani ofis, to hukuncin yana nan daram a doka, amma babbar rajista ba ta san da shi ba. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi ciwo: labarin kamu ya isa, labarin wankewa bai biyo baya ba.

Akwai abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kai, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kamu ba hukunci ba ne. Zaman gidan yari ma ba hukunci ba ne, domin mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Wanda ya yi shekara biyu a Kurmawa yana jiran shari'a sannan kotu ta wanke shi, ba shi da tarihin laifi, ko da 'yan unguwa sun ci gaba da nuna shi da baki. Amma a ɗauki wani matashi da aka kai kotun majistare kan faɗa ko ƙaramar sata. Wani a harabar kotu ya raɗa masa cewa ya amsa laifi kawai a huta. Aka karanta masa ƙara, ya ce haka ne, alƙali ya ce wata uku ko tarar naira dubu goma, yayansa ya biya, aka ba da rasit, kafin la'asar yana gida yana cin tuwo. Iyalinsa za su ce an kashe magana. A idon doka kuwa, wannan matashi an same shi da laifi, kuma tarar ba ta sayi gogewa ba. Ita ce hukuncin. Bai kwana a kurkuku ba, amma shi ne mai tabo, ba wancan da ya yi shekara biyu ba.

Lauyan da ya san aikinsa yana da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa kafin a kai nan. Dokar 2015 ta bai wa kotu dama, idan laifin ƙarami ne ko kuma ta duba shekarun mutum da halinsa da lafiyarsa, ta sallame shi bisa sharaɗin kyakkyawan hali ba tare da ta rubuta cewa ta same shi da laifi ba. Wanda ba shi da lauya da wuya ya san ana roƙon wannan.

To, wa ke da ikon leƙa rajistar? Ba a buɗe take ga kowa ba. Mai neman auren 'yar wani ba za a je Alagbon a ce a duba shi ba, haka mai gidan haya ba zai aika a binciki ɗan haya ba. Masu gani kai tsaye su ne 'yan sanda da sauran hukumomin bincike, sai kotu. Ko kotun ma da iyaka: a ƙa'ida ba a kawo tsohon laifin mutum domin a nuna cewa shi ya aikata sabon, sai a wasu yanayi da dokar shaida ta ware. Bayan an same shi da laifi ne alƙali kan juya ga mai gabatar da ƙara ya tambaya ko an taɓa hukunta shi, saboda wanda ya fara da wanda ya saba ba hukuncinsu ɗaya ba. Sau da yawa amsar ita ce ba a san shi da wani laifi ba, kuma mai amsawar bai bincika ko'ina ba face ƙwaƙwalwarsa.

Sauran jama'a ta hanyar mutumin da kansa suke gani, wato takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Ita ce ofisoshin jakadanci ke nema ga mai son zama ko aiki a ƙasarsu, ita ce wasu bankuna da kamfanoni ke nema kafin su ɗauki ma'aikaci. Yanzu ana neman ta ta shafin POSSAP, `possap.gov.ng`: mutum ya yi rajista da lambar shaidarsa, ya cike bayanai, ya biya kuɗi, sannan ya je a ɗauki hotonsa da yatsunsa a gwada da abin da ke ajiye. Idan ba a ga komai ba, a ba shi takarda. Sai dai a lura da abin da takardar ke faɗa. Ba ta ce mutumin kirki ne ba, ba ta ma ce bai taɓa yin laifi ba. Cewa take yi ba a ga hukunci a kansa a rajista ba har zuwa ranar da aka buga ta, shi ya sa masu karɓa ba sa son wadda ta daɗe.

Fayil ɗin kotu kuma nasa hukuncin daban. Shari'a a bainar jama'a ake yin ta, hukuncin kotu takardar hukuma ce, kuma mai alaƙa da shari'ar zai iya neman kwafi mai hatimi a wurin magatakarda. Akwai ma rajista guda da doka ta ce a buɗe wa kowa da gangan: dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi rajistar waɗanda aka hukunta kan fyaɗe da makamantansa, kuma hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da ita a watan Nuwamba na 2019, da sunaye da hotuna.

Yara ne doka ta fi rufa wa asiri. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce bayanan yaron da ya yi laifi sirri ne, ba a nuna wa wanda ba ruwansa da shari'ar, ba a buga abin da zai sa a gane shi, kuma ba a ɗauko su a yi amfani da su a kansa idan ya girma ya sake shiga wata shari'ar. Wannan shi ne rufe fayil na gaskiya: bayanin yana nan, amma an kulle shi. Dokar tarayya ce, don haka a jihohi sai an duba abin da dokar kowace jiha ta ce. Kuma tana aiki ne idan an yarda cewa yaro ne. Ɗan shekara goma sha shida marar takardar haihuwa, wanda aka rubuta masa sha tara a takardar ƙara, ya rasa wannan kariya tun kafin ya ga alƙali.

Ga babba kuwa, hanyoyin rabuwa da tabo a Najeriya ba su da yawa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke zuwa da kanta.

Ta farko ita ce a rushe hukuncin a ɗaukaka ƙara. Idan kotun sama ta soke hukunci ta wanke mutum, tamkar ba a taɓa yanke shi ba ne. Amma fa a kula da kalmomin da alƙali ya rubuta. Sallama kaɗai, kamar idan mai gabatar da ƙara ya daina zuwa aka kori ƙarar, ba ta hana a sake kamo mutum a kan maganar. Sallama tare da wankewa ita ce ke rufe ƙofa, domin tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da wanda aka wanke kan laifi ɗaya. Tsohuwar dokar 'yan sanda ta ce wanda aka wanke, kuma ba a taɓa hukunta shi ba, a lalata hotunansa da zanen yatsunsa ko a miƙa masa abinsa. A aikace ba wanda zai bi mutum gida da wannan. Shi ne zai karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, lauyansa ya rubuta wa rundunar da ta kama shi, ya kuma adana nasa kwafin kamar takardar fili, saboda ranar da wani ofishi zai tambaya.

Ta biyu ita ce afuwa. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe laifin da ya saɓa wa dokar tarayya bayan ya shawarci Majalisar Magabata ta Ƙasa, sashe na 212 kuma ya ba gwamna irin wannan iko kan laifukan dokar jiha bayan ya ji shawarar kwamitin jinƙai na jiharsa. Ƙarfin afuwa ya fito fili a 1999. Kotun soja ta ɗaure Olusegun Obasanjo a 1995 kan zargin juyin mulki, Janar Abdulsalami Abubakar ya sake shi a 1998 ya kuma yi masa afuwa. Da ya ci zaɓe, Olu Falae ya kai ƙara, cikin hujjojinsa har da cewa tsohon fursuna ne. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da hujjar, inda Mai Shari'a Dahiru Musdapher ya bayyana cewa afuwa tana mayar da mutum sabo, tana dawo masa da duk haƙƙin da hukuncin ya ƙwace. Haka Salisu Buhari, ɗan Kano da ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai a 1999 kan takardar jami'ar Toronto ta bogi da ƙaryar shekaru, ya samu afuwa daga Obasanjo bayan kotu ta hukunta shi. A watan Afrilu na 2022 aka yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba.

Sunayen da ke wannan jeri sun isa su nuna wa mai karatu irin waɗanda afuwa ta fi sani. Gaskiya ne gwamnoni kan saki fursunoni da sallah ko ranar 'yancin kai, kuma manyan alƙalan jihohi kan zagaya gidajen yari su sallami waɗanda suka daɗe a tsare. Sai dai mafi yawan wannan sakin ba afuwa ba ce. Rage wa'adi ne, ko biyan tara da wani mai hali ya yi, ko sallamar mai jiran shari'a. Wanda aka rage wa wa'adi ya fito, amma hukuncinsa yana nan. Abin da zai duba shi ne takardar da aka ba shi: yafewa ta ce, ko sassauci?

Shekara goman nan ta tsarin mulki ma ba gogewa ba ce. Takunkumin takara kawai take ɗagewa. Babu wata doka ta gama-gari a Najeriya da ta ce bayan shekara kaza tsohon hukunci ya mutu, mutum ya daina ambatonsa. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ce ba a ɗaukar wanda aka taɓa hukuntawa sai da izini na musamman daga hukumar ɗaukar ma'aikata, ba su kuma ce na shekara nawa ba. Saboda haka matashin nan mai tarar dubu goma, idan yana da shekara hamsin ya ga tambayar a fom, amsar gaskiya har yanzu ita ce e. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ɗan taɓuka: ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya gyaru, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Mataki ne mai kyau, amma bai taɓa rajistar ba, kuma bai shafi wanda aka ci tara kawai ba. Sakamakon duka wannan tsari ne mai ban mamaki, inda doka ba ta yafewa amma fayil yana ɓacewa. Wanda katinsa ya isa Legas ya ɗauki tabo har kabari, wanda nasa ya maƙale a hanya ya fita fes, ba tare da la'akari da wanda ya fi girman laifi ko wanda ya tuba ba.

Ba dole sai haka ba. Maƙwabta a Nijar, da suka gaji tsarin Faransa, suna da abin da ake kira kaziye. Ana ajiye bayanin hukuncin mutum a ofishin magatakardan kotun yankin da aka haife shi, kuma takarda iri uku ake fitarwa daga ciki. Ta ɗaya mai ɗauke da komai, ta alƙalai ce kaɗai. Ta biyu, wadda aka rage wasu abubuwa, ta wasu ma'aikatun gwamnati ce. Ta uku, wadda ta fi kowacce taƙaituwa, mai ita kaɗai ake ba, ita ce ɗan Maraɗi ko Damagaram ke haɗawa cikin takardunsa idan zai shiga jarrabawar ɗaukar aiki. Akwai kuma hanyar mayar wa mutum da mutuncinsa, ko dai ta cikar wa'adin da doka ta sa ba tare da sabon laifi ba, ko ta roƙon kotu.

Ingila da Wales ne suka fi tsefe wannan tunani, kuma ya dace a duba nasu da kyau tunda 'yan Najeriya da yawa na can suna aikin jinya da kula da tsofaffi, ayyukan da ba a shiga sai an bincika. Can ba a wasa da ajiya: hukunci yana zama a babbar kwamfutar 'yan sanda har mutum ya cika shekara 100 da haihuwa. Abin da doka ke sarrafawa shi ne wanda zai gani. Dokar 1974 ta gyaran masu laifi ta ce bayan wani wa'adi hukunci ya zama wanda ya shuɗe, kuma daga ranar mutum yana da haƙƙin ya amsa wa mafi yawan masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshora cewa ba shi da laifi, ba a kuma ɗauke shi maƙaryaci ba. Tun daga Oktoba 2023, tara tana shuɗewa bayan shekara ɗaya. Ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, shekara ɗaya bayan ƙarewar wa'adin. Daga sama da shekara ɗaya zuwa huɗu, sai an ƙara shekara huɗu. Abin da ya haura huɗu, shekara bakwai, ban da manyan laifukan ta'addanci, fyaɗe da zubar da jini, waɗanda ba sa shuɗewa. Wanda bai kai shekara 18 ba lokacin hukunci, rabin wa'adin ake ƙirga masa.

A ɗauki mace 'yar shekara 25 da aka ci tara a watan Maris na 2024 kan ɗaukar kaya a kanti. Idan ta nemi aiki a wani shago a watan Disamba na shekarar, binciken matakin farko na hukumar DBS zai nuna hukuncin. Daga Maris 2025 wannan binciken zai fito fari tas. Amma idan aikin kula da tsofaffi ko koyar da yara ta nema, dokar 1974 ba ta rufe ta ba, za a yi bincike mai zurfi, kuma tarar za ta ci gaba da fitowa har shekara 11, wato zuwa Maris 2035. Daga nan za a tace ta, domin laifin ba ya cikin jerin waɗanda ba a tacewa kuma ba a ɗaure ta ba. Da a ce ɗaurin wata 18 aka yi mata daga Janairu 2024, lissafin zai sauya. Ana ƙirgawa ne daga ƙarshen wa'adin duka, Yuli 2025, ko da an sake ta da wuri, don haka sai Yuli 2029 zai shuɗe. A bincike mai zurfi kuwa ba zai taɓa ɓacewa ba, saboda hukuncin ɗauri ba a tace shi. A duk waɗannan shekaru, idan ta sake tsayawa gaban alƙali, komai yana gabansa.

Ko wannan tsarin sai da aka ja shi kotu. A da, wanda ke da hukunci fiye da ɗaya, ko da ƙanana ne na ƙuruciya, ba a tace masa ko guda. A watan Janairu na 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wannan ya wuce gona da iri, aka gyara ƙa'idar a Nuwamba 2020.

Rufewar tana da iyakar da ta fi shafar matafiya. Dokar kowace ƙasa a bakin iyakarta take tsayawa, kuma hukumomin shige da fice ba sa ɗaure kansu da yafiyar wata ƙasa. Birtaniya da kanta ta cire harkar biza da zama ɗan ƙasa daga kariyar dokar 1974, don haka fom ɗinta yana tambayar duk wani hukunci, a kowace ƙasa, komai daɗewarsa. Fom ɗin bizar Amurka ya fi haka tsauri, domin yana tambaya ko an taɓa kama mutum ko hukunta shi, ko da daga baya an yi masa afuwa. Mai tsohuwar tara daga kotun majistare wanda takardar 'yan sandansa ta fito ba komai yakan ga kamar ya rubuta a'a ya wuce. Lauyoyin shige da fice kan ba da shawarar akasin haka: a bayyana, a haɗa da kwafin hukuncin mai hatimi da rasit ɗin tara, ko takardar afuwa idan akwai. Ƙaramin laifi na shekarun baya sau da yawa ba ya hana biza, amma idan aka gano an ɓoye shi, Birtaniya na iya hana mutum shiga har shekara goma, Amurka kuma na iya rufe masa ƙofa gaba ɗaya.